Jiya Tana Aiki, Yau Ta Ƙi: Yadda Ake Warware Sabuntawar da Ta Ɓata Manhaja

Ranar Talata, 9 ga Maris 2021, kamfanin Microsoft ya saki sabuntawar da ya saba saki duk wata ga masu amfani da Windows 10, mai lamba KB5000802. Kafin a kwana biyu koke ya cika ko'ina. Mutum zai buɗe takardarsa, ya danna a buga, sai allon kwamfuta ya koma shuɗi, ta rubuta APC_INDEX_MISMATCH, ta mutu ta sake tashi. Ya sake gwadawa, ta sake yi. Abin ya fi shafar masu firintocin Kyocera da Ricoh da Zebra. Ga wanda sana'arsa ke nan, mai shagon buga takardu a bakin makaranta ko sakatare a ofis, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne, domin firinta lafiyarta ƙalau, tawada na nan, waya na jone, amma aiki ya tsaya cik.

A irin wannan hali, maganar da aka fi ji daga bakin masu gyara ita ce: "Alhaji, sai dai a yi mata fomatin." Wato a share komai a sake ɗora Windows daga tushe. Wani lokaci hakan ne kaɗai mafita, amma a matsala irin ta Maris 2021 asara ce kawai: a biya kuɗi, a rasa yini guda, a sake neman manhajojin da aka daɗe da mance inda aka samo su, sannan da zarar kwamfutar ta hau intanet ta sake jawo sabuntawar nan, ciwo ya dawo. Alhali gyaran bai wuce na rubu'in awa ba. Windows na da hanyoyi na komawa baya, kuma gwaninta a nan ita ce mutum ya gano abin da ya canja, ya warware shi shi kaɗai, ba tare da ya taɓa sauran ba.

Kafin a cire komai, sai an tabbatar da mai laifi. Ba duk manhajar da ta ƙi buɗewa ba ce sabuntawa ta ɓata. Rumbun ajiya na iya cika, ko ya fara lalacewa. Lasisin manhaja na iya ƙarewa. Wutar da aka ɗauke tana tsakar aiki na iya lalata fayil. Tambayar farko ita ce: yaushe ne ranar ƙarshe da abin ya yi aiki lafiya? Da wannan amsa a hannu sai a duba tarihin sabuntawa. A Windows 11 ana shiga Settings, sai Windows Update, sai Update history. A Windows 10 kuwa Settings ne, sai Update & Security, sai Windows Update, sai View update history. Can za a ga jerin duk abin da aka ɗora, kowanne da lambarsa mai farawa da KB da ranar da ya shiga. Idan firinta ta yi aiki ranar Talata, ta ƙi ranar Laraba, ga kuma KB5000802 da ta shiga a tsakanin nan, to zargi ya sami gindin zama.

Akwai wani abu da ke taimakawa wajen wannan lissafi. Tun daga 2003 Microsoft ke sakin manyan gyare-gyaren tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata, kuma a agogon Najeriya da Nijar suna fitowa ne da yamma, wajen magariba. Don haka matsalar da ta ɓulla da safiyar Laraba ko Alhamis a mako na biyu na wata, ta cancanci a fara duba ta nan.

Wanda yake son ƙarin hujja, akwai wani shafi da mutane da yawa ba su san da shi ba, kuma ni ina ganin ya fi kowane amfani a wannan mataki. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta wannan a ɗan akwatin da ya fito:

```
perfmon /rel
```

Zai buɗe Reliability Monitor, wani jadawali da ke jera kwanaki ɗaya bayan ɗaya. Ranar da manhaja ta faɗi ko kwamfuta ta mutu ba shiri, za a ga jan da'ira mai alamar kuros. Ranar da aka ɗora wani abu, sabuntawa ce ko direba ko sabuwar manhaja, za a ga shuɗiyar alama. Idan makonni sun wuce babu ja ko ɗaya, sai ga shuɗi ranar 10 ga wata, daga nan kuma ja ya jeru kullum, ido kaɗai ya isa ya ga inda abin ya faro. A danna ranar, a karanta sunan abin da aka ɗora a ƙasa. Sau da yawa a nan ne mutum zai gano cewa ba Windows ba ce ma, manhajar ce da kanta ta sabunta kanta, ko riga-kafin ƙwayoyin cuta ne ya canja. Babban misalin wannan shi ne abin da ya faru ranar 19 ga Yuli 2024, lokacin da sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, har jirage suka kasa tashi. Allon shuɗin na Windows ne, amma cire sabuntawar Windows ba zai yi maganin komai ba a ranar, domin ba daga can cutar ta fito ba.

To, a ce an kama mai laifi, kuma sabuntawar wata-wata ce. Hanya mafi sauƙi kuma mafi ƙarancin ɓarna ita ce a cire ta ita kaɗai. A shafin nan na tarihin sabuntawa akwai Uninstall updates; a Windows 11 yana can ƙasa, a Windows 10 yana sama. A danna shi, a nemo lambar, a mai shagon namu KB5000802 ke nan, a danna Uninstall. Kwamfuta za ta nemi a sake kunna ta, ta ɗan jima tana juya ɗigo-ɗigo tana ƙirga kashi cikin ɗari, sannan ta dawo. Kada a yi gaggawar murna: a buɗe takardar da ta jawo faɗuwar, a buga ta da firintar da ta jawo faɗuwar. Idan takarda ta fito, an gama. Idan allon ya sake yin shuɗi, to ba wannan ba ce, kuma bai kamata a bi sauran sabuntawa ana tsinke su ɗaya bayan ɗaya da fatan a dace ba. A koma a sake duba kwanakin.

Wani lokaci za a ga sabuntawa a jerin amma babu damar cire ta. Waɗanda ake kira Servicing Stack haka suke, domin su ne ke gyara injin da ke ɗora sauran sabuntawar, kuma Windows ba ta yarda a taɓa su. Ba lalacewa ba ce, haka aka tsara.

Mataki na gaba shi ne wanda aka fi mancewa, kuma shi ne ke sa mutane su ce sun cire amma abin ya dawo. Windows ba ta san dalilin da ya sa aka cire sabuntawar ba. Abin da ta sani kawai shi ne akwai gyaran da ya kamata a ce tana da shi kuma babu, don haka za ta sake sauke shi, ta ci data, ta sake ɗorawa cikin dare. Saboda haka da zarar an cire, a koma shafin Windows Update a danna Pause updates. Ana iya dakatarwa mako guda, ana iya ƙarawa har mako biyar, wato kwana 35. Daga nan ba ta ƙara yarda sai an ɗora abin da ya taru.

Wannan wa'adi yawanci ya isa. A matsalar firintocin nan, kwana shida kacal aka yi, ranar 15 ga Maris, Microsoft ya saki gyara na gaggawa mai lamba KB5001567 wanda ya kawar da allon shuɗin. Shi ma ya zo da ɗan saura, domin wasu sun ga hotuna da zane ba sa fita daidai a takarda, sai aka biyo shi da KB5001649 ranar 18 ga watan. Mai shagon da ya cire sabuntawa ranar Laraba, ya dakatar na mako biyar, bai rasa komai ba sai 'yan mintoci. Kuma tunda sabuntawar Windows ta wata-wata tana tattare da duk gyare-gyaren da suka gabace ta, ta watan Afrilu ta zo masa da tsaron Maris da gyaran firinta a dunƙule.

Idan kuma direba ne ya canja, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da firinta ko sifika ko katin hoto, akwai hanya ta kansa. A buɗe Device Manager, a danna na'urar sau biyu, a shiga Driver, a danna Roll Back Driver. Idan maɓallin ya dushe ba ya dannuwa, to babu tsohon direba a ajiye, sai a nemo shi a shafin kamfanin da ya ƙera na'urar.

Yanzu sai babbar hanya, wadda ake kira System Restore. Ta daɗe, tun Windows Me ta shekarar 2000 take. Aikinta shi ne, lokaci zuwa lokaci Windows na ɗaukar hoton yadda tsarinta yake: fayilolin da take aiki da su, direbobi, manhajojin da aka ɗora, da babban kundin saituttukanta. Kowane irin wannan hoto shi ne restore point, kamar zangon da matafiyi ya yada a hanya, wanda idan ya ɓata gaba zai iya juyowa zuwa gare shi. Windows kan yada zango da kanta kafin ta ɗora muhimmiyar sabuntawa ko direba, wasu manhajoji ma kan sa a yi kafin a ɗora su.

Amfaninta yana fitowa ne lokacin da abubuwa da yawa suka canja a rana ɗaya, ba a san wanne ne ba, ko kuma an cire sabuntawar amma ta bar saituttuka a hargitse. Ana buɗe ta da maɓallin Windows da R, a rubuta:

```
rstrui
```

Za a ga jerin zangon da ake da su, kowanne da kwanan wata da lokaci da dalilin yin sa. A zaɓi wanda ya fi kusa da ranar matsalar amma ya gabace ta. Idan abin ya lalace ranar 10, akwai zangon ranar 9 da na ranar 2 da na watan jiya, na ranar 9 za a ɗauka. Mutane kan yi tunanin wai gara a koma can nesa don a tabbata, amma duk kwanan da aka ƙara baya, ƙarin abubuwan da za a warware ne ba gaira ba dalili.

Kafin a danna Next, akwai maɓalli a ƙasa mai suna Scan for affected programs. Ina roƙon mai karatu kada ya tsallake shi. Zai nuna jeri biyu: a sama manhajoji da direbobin da za su ɓace saboda an ɗora su bayan zangon, a ƙasa kuma waɗanda za su dawo saboda an cire su bayan zangon. A ɗauki hoton wannan jeri da waya. Idan a ciki akwai manhajar lissafin kuɗin shago da aka ɗora shekaranjiya, a tabbatar ana da fayil ɗin ɗora ta da lambar lasisinta kafin a ci gaba, kuma a kwafe bayananta zuwa filashi. Haka kuma, ko da yake System Restore ba ta taɓa wasiƙu da hotuna da bidiyo, tana sa ido a kan fayiloli irin masu ƙarewa da .exe, don haka fayil ɗin ɗora manhaja da aka sauke jiya aka ajiye a fuskar kwamfuta zai iya yin ɓatan dabo. Shi ma a kwafe shi.

Sai maganar wuta, wadda a wurinmu ba ƙarama ba ce. Da zarar aikin ya fara ba a katse shi, kuma yana iya ɗaukar minti ashirin, yana iya haura awa guda a tsohuwar kwamfuta. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, ana iya tashi da Windows da rabinta sabo rabinta tsoho, wadda ba za ta ma tashi ba. Mai laftof ya cika batir ya bar caja a jone. Mai kwamfutar tebur da ba shi da batirin ko-ta-kwana, ya tada janareta ya tabbatar da mai a ciki tun kafin ya fara, kada ya dogara da wutar gari a bar shi da canja layi a tsakar aiki. Idan allon ya daɗe a wuri ɗaya, haƙuri za a yi, kada a danne maɓallin kashewa.

Idan ta gama za ta faɗi ko an yi nasara. Wani lokaci takan ce ba ta kammala ba, ta ba da lamba irin 0x80070005. Yawanci riga-kafin ƙwayoyin cuta ne ya riƙe wani fayil ya hana a taɓa shi. A kashe shi na ɗan lokaci a sake gwadawa, ko a yi aikin daga wajen Windows kamar yadda zan bayyana. Idan kuma an koma zangon amma manhajar ba ta warke ba, a sake buɗe rstrui, za a ga zaɓin Undo System Restore wanda ke mayar da komai yadda yake. Wannan damar tana samuwa ne idan daga cikin Windows aka yi aikin kamar yadda aka saba; wanda ya yi daga Safe Mode ko daga wajen Windows ba zai same ta ba, sai dai ya zaɓi wani zangon.

Dole a faɗi iyakarta a fili, domin mutane da yawa suna ɗaukar ta a matsayin ajiyar fayiloli, kuma ba haka ba ce. Ba ta dawo da takardar da aka goge. A Oktoba 2018 wata babbar sabuntawar Windows 10, mai lamba 1809, ta share wa wasu mutane fayilolin da ke cikin foldar Documents, har Microsoft ya janye ta bayan 'yan kwanaki, bai sake sakinta ba sai a Nuwamba. Waɗanda abin ya shafa, zango bai amfane su da komai ba, sai wanda yake da kwafi a wani wuri. Kuma tunda zangon a kan rumbun kwamfutar yake zaune, idan rumbun ya mutu, da shi ya mutu.

Babban abin takaicin da ake yawan cin karo da shi kuwa shi ne a buɗe rstrui a ranar buƙata, ta ce babu zango ko ɗaya. A kwamfutoci da yawa wannan kariya a kashe take zuwa, musamman waɗanda aka saya na hannu aka yi musu fomatin a kasuwa. Duba wannan aikin minti biyu ne, kuma yau ya kamata a yi shi, tun kwamfuta na lafiya. A wurin bincike na Windows a rubuta Create a restore point, a buɗe. A jerin za a ga rumbun C: da kalmar On ko Off a gabansa. Idan Off ne, a danna Configure, a zaɓi Turn on system protection, a ja ma'aunin Max Usage. A ganina gigabait biyar zuwa goma sun wadatar ga yawancin mutane. Idan wurin ya cika, Windows na share tsofaffin zango don ta sa sababbi, saboda haka wanda ya yi rowar wuri zai tarar da ɗaya ko biyu kacal. Daga nan a danna Create, a ba shi suna mai ma'ana, irin su "kafin sabon direban firinta". Zango ba ya dawwama. A Windows 11 ta 24H2, tun daga sabuntawar Yuni 2025, kwana 60 ne iyakarsa.

To idan kwamfutar ba ta ma kai ga buɗewa fa? Akwai ƙofar baya. Idan ana iya kaiwa wurin sa kalmar sirri, a danne maɓallin Shift, a danna Restart ba tare da an saki ba. Idan ba a kai nan, Windows kan shiga wurin gyara da kanta bayan ta kasa tashi sau biyu a jere. A shuɗin shafin da ya fito a zaɓi Troubleshoot, sai Advanced options. A nan akwai System Restore, akwai kuma Uninstall Updates mai zaɓi biyu: Uninstall latest quality update na cire ta wata-wata, Uninstall latest feature update kuma na cire babbar. A fara da ta farko. Sai dai sababbin laftof da yawa rumbunsu a kulle yake da BitLocker, kuma a wannan wuri za su iya neman mabuɗi mai lambobi 48. Yawanci yana ajiye a asusun Microsoft da aka fara shiga kwamfutar da shi, ana ganinsa a account.microsoft.com/devices/recoverykey. Wanda wani ne ya buɗe masa asusun a shago, ko kwamfutar ta wurin aiki ce, ya nemi wannan mabuɗi tun yanzu ya rubuta a takarda ya adana, domin idan babu shi, babu mai gyaran da zai iya buɗe rumbun.

Babbar sabuntawa, irin wadda ke kai mutum daga Windows 10 zuwa 11 ko daga 23H2 zuwa 24H2, hukuncinta daban ne. Tana share tsofaffin zango, don haka System Restore ba za ta mayar da kai tsohuwar Windows ba. A maimakon haka tana ajiye tsohuwar a wata folda mai suna Windows.old, ta ba ka kwana 10. A cikin kwanakin nan, a Windows 11, Settings, sai System, sai Recovery, sai Go back. Bayan kwana 10 foldar za ta tafi, maɓallin ya dushe. Wanda kuma ya ga foldar ta cinye wuri ya share ta don ya sami sarari, ya rufe ƙofar da hannunsa. Kwana 10 sun yi kaɗan ga mai manhajar da sai ƙarshen wata ake buɗe ta, irin ta biyan albashi, shi ya sa yake da kyau a tsawaita wa'adin tun a ranar farko. A buɗe Command Prompt da zaɓin Run as administrator, a rubuta:

```
DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60
```

Wannan zai kai shi kwana 60, wanda shi ne ƙarshen abin da aka yarda, kuma ba ya aiki idan wa'adin farko ya riga ya wuce.

Akwai masu cewa tunda sabuntawa na kawo irin wannan rigima, gara a kashe ta gaba ɗaya a huta, kuma wasu masu gyara na yin haka ba tare da sun gaya wa mai kwamfuta ba. Ban yarda da wannan ba. Sabuntawar da aka cire tana ɗauke da toshiyar ƙofofin da ɓarayin intanet suka riga suka sani. A Mayu 2017 ƙwayar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Birtaniya, ta hanyar wata kafa da Microsoft ya riga ya saki toshiyarta tun watan Maris. Waɗanda ba su ɗora ba su ne suka faɗa. Don haka idan wa'adin dakatarwa ya kusa cika, a leƙa shafin Microsoft mai suna Windows release health, inda ake lissafa matsalolin da aka sani da lambar gyaran kowacce. Sannan a yada zango da hannu, a danna Resume updates, a bari ta gama, a gwada manhajar nan take. Shagon da ke da kwamfuta uku ko huɗu ya bar guda ɗaya ta fara karɓa, a yi aikin yini da ita, a buga takarda, a buɗe manhajar lissafi, kafin a saki sauran washegari.